Kada Ka Gyara Masa: Yadda Ake Buga Amsar Ɗalibi da Kurakuranta

Mai buga takardu a kwamfuta ya saba a yabe shi idan ya fitar da aiki tsaf. An kawo masa takardar haya ko wasiƙar neman aiki, ya ga wasali ya ɓace ya mayar da shi, ya ga an haɗe kalmomi biyu ya raba su, mai takarda ya karɓa ya yi godiya. Amma akwai aiki guda da wannan kirkin yake ɓatawa, wato buga amsar jarrabawa da ɗalibi ya rubuta da hannunsa. A nan abin da ake so shi ne kwafin da duk wanda ya karanta shi zai san abin da yaron ya sa a takarda, harafi da harafi, har da inda ya yi tuntuɓe da inda ya soke kalma ya canza shawara.

Masu kawo irin wannan aiki ba su da yawa, amma kowa da dalilinsa. Akwai ɗalibin kwalejin ilimi ko jami'a da yake rubuta kundin kammala karatu a kan kurakuran rubutun 'yan sakandare, ya tattaro insha'in yara yana so ya ƙirga sau nawa suka bar ƙugiya, sau nawa suka haɗe kalmomi. Akwai malamin da yake so ya nuna wa abokan aikinsa amsar yaro don su daidaita yadda suke ba da maki ba tare da sun gane hannun yaron ba. Akwai kuma yaron da rubutunsa ba ya karantuwa saboda lalura a hannu ko a ido. A wasu ƙasashe wannan na ƙarshe yana da ƙa'ida a rubuce. Hukumar jarrabawa ta Scotland ta raba kwafar amsa gida biyu, kwafa da gyara da kwafa ba gyara, kuma ba mai kwafar ne yake zaɓa wa kansa ba, tun kafin jarrabawa ake tsayar da wanda ya dace da ɗalibin. A Ingila ma, a jarrabawar ƙarshen firamare, an yarda makaranta ta kwafe amsar yaron da mai maki ba zai iya karanta hannunsa ba, bisa sharaɗin kada a canza amsar, kuma a aika da takardar asali tare da kwafin.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce ɗan aji uku na ƙaramar sakandare ne aka ba shi insha'in Hausa a kan ranar kasuwar garinsu. Ga layuka huɗun farko na amsarsa kamar yadda ya kamata su fito daga kwamfuta:

```
01 Ranar Laraba ce kasuwar garin mu takeci
02 mutane suna zuwa daga [-gari-] kauyuka da da yawa
03 suna kawo [+hatsi da+] awaki da tumaki. Babana yana
04 saida [?goro?] a bakin tasha, ina [-ta-] taimakamasa
```

Wanda ya iya ƙa'idojin rubutun Hausa, hannunsa zai yi ta ƙaiƙayi tun daga layin farko. Yaron ya raba "garinmu" gida biyu, ya haɗe "take ci" wuri guda, bai sa aya a ƙarshen jimla ba, sannan ya fara jimla ta biyu da ƙaramin baƙi. A layi na biyu ya rubuta "ƙauyuka" ba ƙugiya, ya kuma maimaita "da" sau biyu. A layi na huɗu ya manne "taimaka masa". Duk waɗannan an bar su yadda suke, domin su ne ainihin abin da mai nazari ko mai maki ya zo nema. Idan mai bugawa ya gyara uku daga cikinsu, ɗalibin kwalejin nan zai rubuta a kundinsa cewa yaran makarantar kaza sun fi iya raba kalma fiye da yadda suke, alhali iyawar mai shagon buga takardu ya auna.

Lambobin da ke farkon kowane layi na mai bugawa ne, ba na yaron ba. Ana karya layi daidai inda yaron ya karya nasa a takarda, don idan gardama ta taso a kan wata kalma a ce "layi na huɗu", kowa ya sa yatsa a wurin cikin daƙiƙa kaɗan.

Masu gyara guda biyu

Abokan gābar wannan aiki biyu ne, kuma dukansu da kyakkyawar niyya suke zuwa. Na farko ita ce kwamfutar kanta. Manhajar Word tana zuwa da gyara na kai-tsaye a kunne, tana gyara wa mutum rubutu yana cikin bugawa ba tare da ta tambaye shi ba. Idan amsar ta Turanci ce, yaro ya rubuta `teh`, da zarar an danna sarari za ta koma `the`. Ƙaramin `i` da ke tsaye shi kaɗai zai koma babba. A Hausa kuwa abin da ta fi yi shi ne mayar da baƙin farko babba bayan aya ko a farkon sabon layi, kuma ka ga a misalinmu layuka uku ne suka fara da ƙaramin baƙi. Don haka kafin a buga ko harafi ɗaya, sai a bi wannan hanya:

```
File > Options > Proofing > AutoCorrect Options
```

A nan a cire alamar da ke gaban `Replace text as you type` da `Capitalize first letter of sentences` da `Correct TWo INitial CApitals`. Jan layin da yake fitowa ƙarƙashin kalma ba ya canza komai da kansa, amma ya fi kyau a kashe shi ma, don yana jan ido yana zuga hannu. Buga irin wannan aiki a waya kuwa neman wahala ne, saboda kibod ɗin waya hasashen kalma yake yi, ya cusa wadda ya ga dama.

Mai gyara na biyu ya fi wuyar kashewa, domin yana cikin kan mai bugawar. Ƙwararren mai karatu ba harafi-harafi yake karatu ba. Idonsa yana ɗaukar jimla, ƙwaƙwalwa ta fahimci ma'ana, yatsu su fitar da ita yadda suka saba. Shi ya sa "da da yawa" na layi na biyu shi ne kuskuren da ya fi saurin ɓacewa: ido yana ganin "da" biyu, kai yana jin ɗaya. Idan ma maimaicin ya faɗo a ƙarshen layi da farkon na gaba, kusan kowa tsallake shi yake yi. Abin mamakin shi ne wanda ya fi iya Hausa ya fi faɗawa wannan rami. Maganin da aka sani shi ne rage gudu: a ɗora rula ko farar takarda ƙarƙashin layin da ake bugawa, a ɗauki kalma biyu ko uku kawai a lokaci guda, a mayar da ido kan takardar kafin a ɗauki na gaba.

Karin harshe ma yana shiga nan. Yaron Sakkwato ya rubuta "tahi" maimakon "tafi", ko yaron Maraɗi ya rubuta "ƴaƴa" yadda ake rubutawa a Nijar, mai bugawa ɗan Kano ya mayar da su "tafi" da "'ya'ya" ba tare da ya ma lura ya yi wani abu ba. Ko karin harshe kuskure ne a wannan jarrabawa ko ba kuskure ba ne, wannan hukuncin mai maki ne. Shi mai bugawa nasa ya ajiye abin a gaban mai hukunci yadda yake.

Kalmar da aka soke

Yanzu mu koma ga `[-gari-]` a layi na biyu. Yaron ya fara rubuta "gari", ya ja layi a kanta, ya rubuta "kauyuka". Hanyoyi biyu ne na ɓata wannan wuri. Ko a watsar da kalmar gaba ɗaya kamar ba a taɓa rubuta ta ba, ko a buga ta tsirara ba alama, jimlar ta koma "daga gari kauyuka", a ɗora wa yaro kuskuren da shi da kansa ya riga ya janye. Na biyun ya fi muni, amma na farkon ma asara ne.

Dalilin da ya sa ake ajiye abin da aka soke ya wuce son cika aiki. Da farko akwai batun maki. A ƙa'idojin maki na hukumar Edexcel ta Ingila, alal misali, amsar da ɗalibi ya soke ana duba ta a ba ta maki, sai fa idan ya maye gurbinta da wata. Ke nan idan yaro ya soke sakin layi guda lokaci ya ƙure bai rubuta wani ba, mai bugawa kuma ya ce ai an soke ya bar shi, to ya zubar wa yaron da makin da wataƙila ya cancanta. Na biyu kuma, soke-soken yaro su ne suke nuna wa malami inda tunaninsa ya bi. Yaron da ya rubuta "kauye" ya soke ya sake rubuta "ƙauye" ya san ƙa'idar, hannunsa ne ya riga shi. Wanda ya rubuta "ya je" daidai, ya soke, ya mayar da ita "yaje", shi ne yake bukatar a sake masa darasi, don da gangan ya zaɓi kuskuren. Idan an share wurin sokewa, waɗannan yara biyu ba za a bambanta matsalarsu ba.

Mutane da yawa za su ce ai Word tana da maɓallin da yake jan layi a tsakiyar kalma, mai alamar `abc` da layi a kai, me ya kawo baka-baka da karan ɗori? Gaskiya ne, kuma idan aikin a takarda zai ƙare, a fitar da shi a firinta a miƙa wa malami, wannan layin ya fi kyan gani kuma ya isa. Matsalar ita ce layin ado ne da aka shafa wa kalmar, ba ya cikin haruffan kansu. Ranar da aka ajiye fayil ɗin a matsayin rubutu zalla mai `.txt`, ko aka kwafo shi aka manna a saƙon waya ko a manhajar ƙirga kalmomi, layin zai ɓace, kalmar da aka kashe ta tashi ta zauna cikin jimla kamar ba a taɓa ta ba. Babu kuma wata ƙararrawa da za ta sanar da kai. Haka nan ƙidayar kalmomi ta Word tana lissafa kalmar da aka ja wa layi kamar kowace kalma, don haka idan jarrabawar ta ƙayyade tsawon insha'i, sai an debe su da hannu. Alamar da aka buga da haruffan kibod, irin `[-gari-]`, duk inda rubutun ya je tana biye da shi, kuma ana iya nemo duk wuraren sokewa ta hanyar bincika `[-` kawai.

Waɗannan alamomi ba doka ba ce ta wata hukuma. Kowane aiki yana iya zaɓar nasa, muddin an rubuta ma'anarsu a shafin farko kuma ba a canza su a tsakiyar tafiya ba. Masu kwafar tsoffin rubuce-rubucen hannu a jami'o'i da ɗakunan adana tarihi suna da tsari na bai-ɗaya mai suna TEI, wanda aka faro a 1987. A cikinsa layinmu na biyu da na uku za su ɗauki wannan siffa:

```
daga <del>gari</del> kauyuka
suna kawo <add>hatsi da</add> awaki
```

Ga malamin makaranta wannan ya yi nauyi, amma tunanin ɗaya ne.

Akwai tarko guda da ya shafi masu rubutun Hausa kaɗai. Kafin haruffa masu ƙugiya su samu gurbi a kowace kwamfuta, an yi amfani da wasu nau'o'in haruffa na musamman da suka aro maɓallan baka suka ɗora musu ƙ da ɗ. Shi ya sa har yau akan ci karo da tsohon rubutu da aka buɗe a wata kwamfuta ya fito da `}asa` maimakon "ƙasa", da `]aya` maimakon "ɗaya". Wasu shaguna har yanzu da su suke aiki. Idan aka haɗa wannan da alamomin sokewa masu baka, sai ƙugiya da alama su cakuɗe, a rasa wane ne wane. Ya kamata a yi amfani da haruffan zamani da kowace na'ura ta sani. A Word, idan aka buga `0199` aka danna `Alt+X` za a samu ƙ, `0257` zai ba da ɗ, `0253` kuma ɓ.

Inda takarda ba ta faɗi gaskiya ƙarara ba

Sauƙin misalinmu shi ne an nuna komai a fili. Takardar yaro ta gaske ba haka take ba. Wani layin sokewa ya ratsa rabin kalma ya tsaya. Wani ka rasa ko sokewa ce ko jan layi a ƙarƙashi ne da hannu ya karkace. Wani yaron ba ya sokewa, sai ya danne harafi da wani harafin, ya mayar da "a" ta koma "o" da ƙarfin biro. Wani ya dirje kalmar har takarda ta kusa hujewa. A irin wannan na ƙarshe ana rubuta cewa an soke kalma ɗaya da ba ta karantuwa, kamar `[-xxx-]`, ba a ƙirƙiro mata suna ba. Harafin da aka danne kuma ana buga na ƙarshen, a ambaci na farkon a bayanin gefe idan yana ganuwa.

Dubi `[?goro?]` a layi na huɗu. Tawada ta baje a wurin, abin da ya rage yana iya zama "goro", yana iya zama "gero". Ma'ana tana jan mutum zuwa "goro", tunda a bakin tasha ake sayar da shi, amma yaron ya ambaci hatsi a layin da ya gabata, don haka "gero" ma ba ta fita ba. Abin yi shi ne a duba yadda wannan yaron yake rubuta "o" da "e" a wasu wurare a takardarsa. Idan hakan bai raba gardama ba, a buga wanda ya fi rinjaye a sa masa alamar shakka. Alamar shakka ba gazawa ba ce. Kwafin takardu hamsin na 'yan aji uku da babu alamar tambaya ko ɗaya a cikinsa, ni shi ne nake tuhuma.

Abu mafi ɗaure kai a Hausa shi ne ƙugiya da sarari. Ƙugiyar ƙ a rubutun hannu wani lokaci ɗan lanƙwasa ne da biro zai iya yi bisa kuskure. Sararin da ke tsakanin "ya" da "je" kuma, a kwamfuta ko akwai shi ko babu, amma a takarda yana iya zama rabi. Nan ma ma'aunin shi ne hannun yaron kansa: a gwada ratar da wadda yake bari tsakanin kalmomin da babu shakka a kansu, kamar "awaki da tumaki". A tsayar da ƙa'ida guda tun farko, misali cewa inda abu ya yi kunnen doki za a ɗauka yaron ya yi daidai a sa alama, sannan a bi ta a kan kowane yaro. Abin da ba a so shi ne a yi wa mai kyan hannu uzuri a hana mai rubutun tsutsa.

Idan yaron yana kusa kuma an yarda a tambaye shi, tambayar ita ce, "Karanta mini abin da ka rubuta a nan." Ba a cewa, "Goro kake nufi, ko?" domin kowane yaro zai ce, "E, Malam." Rubutun jan biro na malamin da ya riga ya duba takardar kuma ba ya shiga cikin amsar, ko da ya ɗora ƙugiya a kan k ɗin yaron. Wannan ne ya sa fotokwafi baƙi da fari yake da haɗari, don a cikinsa ja da shuɗi duk baƙi ne, gyaran malami ya zama na ɗalibi. A yi aiki da takardar asali ko hoto mai launi. Sunan yaron kuwa a maye shi da lamba, har da inda ya sa hannu a ƙarshen wasiƙa, a rubuta a shafin farko cewa an yi hakan.

Bayan an gama bugawa sai dubawa, kuma wanda ya buga ba shi ne ya fi dacewa ya duba shi kaɗai ba, saboda idon da ya tsallake "da da" ɗazu zai sake tsallake shi. Hanya mai sauƙi ita ce mutum biyu: ɗaya ya riƙe takardar asali yana karantawa da ƙarfi yana ambaton komai, "ƙaramin m, mutane, suna, zuwa, daga, an soke gari, kauyuka ba ƙugiya", ɗayan yana bin kwafin. Idan aikin bincike ne mai nauyi, mutum biyu su buga takarda ɗaya kowa daban, a ɗora fayil biyun a `Compare` da ke ƙarƙashin `Review` a Word, duk inda suka saɓa a koma ga takarda. Akwai kuma alamar da mai karɓar aiki zai iya lura da ita da kansa. Idan shafukan farko cike suke da kurakurai, na ƙarshe kuma suka fito sumul, ba yaran ne suka ƙware a tsakiyar tarin ba, mai bugawar ne ya gaji ya koma ɗabi'arsa.

Ko an yi duk wannan, kwafin da aka buga ba ya zama takardar asali. A 1994 Donald Powers da abokan aikinsa a hukumar ETS ta Amurka sun wallafa wani gwaji da suka yi: sun ɗauki insha'in da aka rubuta da hannu suka buga a kwamfuta, waɗanda aka buga kuma suka kwafe su da hannu, aka ba masu maki. Na hannu ne suka fi samun maki a matsakaici, ko da wace siffa aka fara rubuta insha'in. Daga cikin dalilan da ake kawowa akwai cewa rubutun kwamfuta yana sa insha'i ya zama gajere a ido, kuma kuskuren da yake ɓuya a cikin lanƙwashe-lanƙwashen hannu yana fitowa fili a haruffan inji. Saboda haka idan maki za a bayar, bai dace a duba amsar yaro ɗaya a buge ta sauran 'yan ajinsu da hannu ba tare da mai makin ya san da wannan ba. Ko dai a buga na kowa, ko a maƙala takardar asali a bayan kwafin, da lambar ɗalibin a kan duka biyun, da sunan wanda ya buga da na wanda ya duba.